Saniyar da Ba Ta Hau Allo Ba

Ni aka zaɓa in yi wa Baba Wije yabon bankwana, kuma ban yi gardama ba. Duk ɗakin wanki an san babu wanda ya kai ni cin alherinsa.

Sunansa Wijeratne, mutumin Lanka, shi ne shugabanmu a ɗakin wankin wani otal da ke kan tsibiri a ƙasar Maldibs. Ya daɗe a tsibirin har an ce ya riga itatuwan kwakwar bakin ruwa zuwa. Gwiwoyinsa ne suka gaza, 'ya'yansa suka ce ya dawo gida ya huta. Ni kuwa Tulasa ce, daga duwatsun Salyan na Nepal. Mijina Dambar ne ya fara zuwa Maldibs, yana ɗaukar jakunkunan baƙi a matsayar jirgin ruwa, daga baya ya samo mini aikin guga. A matsayar nan ya faɗi wata rana da tsakar rana, da jakar wani a kafaɗarsa, bai sake tashi ba.

A ƙofar ɗakin cin abincin ma'aikata akwai allo. Wanda zai tafi, ko wanda ya yi abin kirki, mutanen sashensa ke rubuta yabonsa a liƙa, ranar taro kuma a karanta. Amma takarda ba ta hawa allon kai tsaye. Shifana ta ofishin ma'aikata, 'yar ƙasar ce, ita ta kafa ƙa'ida: a fara juya yabon zuwa Turanci, sannan a zaga da shi teburi-teburi. Mu 'yan Nepal da teburinmu, 'yan Bangladesh da nasu, 'yan Lanka, 'yan Indiya, da 'yan ƙasa. A kowane teburi mutum ɗaya zai mayar da shi harshensu, sannan ya faɗi abin da kunnen mutanensa zai ji. An ce ƙa'idar ta samo asali ne tun lokacin da wani manaja Bature ya yabi akawun otal, ɗan Indiya, ya kwatanta hikimarsa da ta mujiya, akawun ya yi wata guda ba ya gaishe shi.

Na san ƙa'idar. Gani nake ta masu surutu ce irin Turawa, mu da muka iya magana ba ruwanmu da ita.

Aji uku na yi a makaranta. Ina iya rubuta harshenmu a hankali, Turanci kuwa sai na baka, na wurin aiki. Don haka na sami Kopila, 'yar garinmu mai tarbar baƙi a wurin tausa, muka zauna bayan ɗakin wanki lokacin hutun rana. Na riga na tsara abin a kaina. Duk maganar da uwata take yi idan za ta yabi mutum na kwaso. Na ce shi babbar bishiyar kan hanya ce da matafiyi ke sauke kaya a gindinta. Na ce mutum ne kamar abin bauta. Sannan na kawo wadda na fi so, na ajiye ta a ƙarshe: na ce Baba Wije saniya ne.

A wurinmu babu yabon da ya wuce wannan ga mutum mai sanyin hali. Saniya uwa ce. Ranar bikinta muna rataya mata furanni, mu taɓa goshinmu a ƙafarta. Idan aka kira mutum da sunanta, ana nufin bai taɓa cutar da kowa ba, ana ci daga gare shi bai taɓa gori ba.

Kopila ta dakata da biro. "Didi," ta ce, wato yaya da harshenmu, "wannan ta ƙarshen fa."

"Me ta yi?"

"A Turanci ba ta zauna daidai ba. Idan na rubuta, kamar na ce shi dabba ne kawai."

"To ki gyara Turancin, kar ki taɓa mini saniya. Ke tun da kika fara shafa wa Turawa mai a baya kin manta maganar gida."

"Ni dai na faɗa."

"Na ji. Rubuta."

Ta rubuta. Da la'asar, lokacin shayi, ɗakin cin abinci a cike, muka fara zagaye. Teburinmu ba a daɗe ba, mata biyu har da share hawaye. Shifana tana biye da mu da kofin shayinta. Ta karanta ta sa yatsa a layi na biyu.

"Yaya Tulasa, wannan ta abin bauta ba za ta hau ba. Rabin ɗakin nan Musulmi ne, ni ma haka. Ba a kwatanta mutum da wannan a gabanmu, ko don so ne."

Wannan ban ja ba. Na zauna da su na san inda ake takawa a hankali.

"Bishiyar kuma," ta ce tana murmushi, "a tsibirinmu kakata cewa take aljanu ke kwana a irinta. Amma inuwa inuwa ce, kowa zai gane. Ta wuce." Ta kai layin ƙarshe, ta ɗaga ido ta dube ni. "Wannan ba ni zan yanke ba. Mu je wurin Mizanur."

Mizanur shi ke kula da injinan wanki, ɗan Bangladesh, mai bakin tsiya amma ba mugu ba. Ya goge hannu a wando ya karɓi takardar kamar alƙali.

"Kawo mu gani, Yaya. Yau masu guga sun zama marubuta, gobe sai mu ji kin sayi otal ɗin."

Ya fara mayar da ita harshensu a hankali, mutanen teburin suna gyaɗa kai. Da ya zo ƙarshe sai ya tsaya. Na ga kumatunsa suna rawa. Ya rufe baki da takardar.

"Karanta mana," in ji na kusa da shi.

Ya rage murya ya ce da ni, "Yaya, zo gefe mu yi magana."

Da na bi shi gefe, da labarin ya ƙare a nan. Amma raina ya riga ya ɓaci tun daga Kopila. Na ce, "Babu gefen da zan je. Faɗi a nan, me aka rubuta na dariya?"

"A wurinmu," ya ce, har yanzu a hankali, "wannan sunan malami ke kiran yaron da ya kasa haɗa biyu da biyu."

Nilanthi, telar otal, 'yar Lanka, ta taso daga teburinsu ta karɓi takardar. Ita ba ta yi dariya ba. Fuskarta ta ɗaure.

"Wa ya rubuta wannan a kan Baba?"

"Ni."

"Ke? Ke da ya yi wa abin da ya yi? Ƙanwata, da wannan kalmar ake zagin direban da ya take wa mutum ƙafa. Ubana da ita yake zagin yayana idan ya sha giya. Mutumin da ya haife ki za ki kira haka a gaban jama'a?"

Sai na ji jini ya hau mini kai. Na ɗaga murya, ni da ba a san ni da ɗaga murya ba. Na ce su ne ba su san darajar abin da ke ba su madara ba. Na ce kowa an bar shi da harshensa sai mu. Na ce, da Turancina na wurin aiki wanda kowa ke ji, Baba Wije saniya ne, saniya ne, kuma ko a gaban manaja zan maimaita.

Ɗakin ya yi tsit. Can daga wajen masu wanke kwanuka wani ya yi kukan saniya, dogo, ya ja shi. Dariya ta fashe tun daga wannan bango har wancan. Shifana ta karɓe takardar ta ninke, ta kama hannuna ta fitar da ni.

Baba Wije ba ya ɗakin, shi a wurin aiki yake shan shayinsa. Amma tsibirin da za ka zaga shi da ƙafa kafin shayi ya huce, me zai ɓuya a cikinsa? Washegari da safe yana tura keken tawul ta bayan kicin, ina biye da shi da zannuwan gado, sai kukan nan ya fito ta taga. Bai juya ba. Na ga bayan wuyansa kawai, da yadda ya ƙara riƙe keken. Da rana wani ya ajiye ɗanyar ciyawa a kan teburin gugarsa. Ya ɗauke ta ya sa a kwandon shara, ya goge teburin, ya ci gaba da guga. Mutumin da ko manaja ba ya kiran sunansa gatsau.

Ranar ban ci abinci ba. Na tsaya a gaban babban injin guga ina tura zannuwa, ina jin kamar kowa bayana yake kallo. Abin da ke cina shi ne saura 'yan kwanaki ya hau jirgi, kuma abin da zai tafi da shi daga hannuna ke nan.

Na je ofishin Shifana na ce ta cire sunana, ta rubuta duk abin da ake rubutawa.

"Akwai wanda nake da shi a ajiye," ta ce. Ta juyo mini fuskar kwamfuta ta karanta. Ma'aikaci ne mai ƙwazo, mai zuwa a kan lokaci, mai haɗa kai da abokan aiki, za a yi kewarsa.

"Wannan ai shi aka karanta wa mai gyaran famfo da ya tafi bara."

"Shi ne. Ba ya ɓata wa kowa rai, shi ya sa nake ajiye da shi."

"Mai gyaran famfon da aka kama yana barci a ɗakin baƙi."

"Shi fa."

Na zauna. Kunya ta biyu ta sauko a kan ta farko. Ko in bar shi da zagi, ko in sallame shi da takardar da aka sallami malalaci.

"Idan na bar saniyar na yi bayani a ƙasa fa?" na ce. "In ce a ƙasarmu ga abin da take nufi."

"Da kin bi Mizanur gefe, da wataƙila mun yi haka. Mukan bar magana ɗaya da harshen mai ita, mu rubuta ma'anarta, mutane suna son hakan. Amma wannan an riga an yi mata dariya. Ranar taro da an ambace ta wani zai yi kukan nan, bayanin ba wanda zai ji." Ta tura kwamfutar gefe. "Kuna da saniya a gida?"

"Muna da ita ina yarinya."

"Me ta yi miki?"

Ban taɓa jin an yi wannan tambaya ba. Na ce shekarar da ƙasa ta zaftare ta cinye mana gonar masara, madararta muka sha har kaka. Na ce da sanyi a jikinta nake ɗumama hannu kafin in tatsa, ba ta taɓa harbina ba.

"Kin ga wannan na gane, ni da ban taɓa taɓa saniya ba. To shi Baba me ya yi miki? Shi za mu rubuta. Abin da mutum ya yi ba ya canzawa daga teburi zuwa teburi."

Amsar tana jikina, ina sanye da ita.

Rigar aikin ɗakin wanki ja ce mai duhu. A wurinmu, matar da mijinta ya mutu fari take sawa shekara guda, ja kuwa ta rabu da shi. Da na kai gawar Dambar gida aka yi abin da ake yi, na dawo don kwantiragina bai ƙare ba kuma 'yata tana makaranta. Na shiga ɗakin wanki na ga jar rigata a rataye da sunana a wuya. Na tsaya ina kallonta na kasa miƙa hannu. Baba Wije ya dube ni, ya dubi rigar. Su ma a Lanka fari suke sawa a gidan mutuwa. Bai tambaye ni komai ba. Ya fita, ya dawo da fararen riguna biyu irin na masu tausa, ya ba Nilanthi ta rage musu hannu. Ga manajar sashenmu ta lokacin kuwa ya ce rinin jar rigar ne ke sa mini ƙuraje, likita ya hana. Ya san idan aka ce al'ada ce sai an rubuta wa babban ofis, su kuma su ce yunifom yunifom ne.

Shekara ta cika ban koma ja ba, bai ce in koma ba. 'Yan Nepal sun san dalili sun yi shiru, Nilanthi ma haka. Sauran kuwa suka ɗauka ciwon fata gare ni. Akwai matan da ba sa taɓa tawul ɗina a wurin wanka har lokacin. Na bar su a haka, don ya fi mini sauƙi a ce ina da ƙaiƙayi da a riƙa kallona ana tuna Dambar a kwance a kan katakon matsaya.

Na faɗa wa Shifana. Ta daɗe tana kallon hannun rigata.

"A takardunki na ofis ƙuraje aka rubuta," ta ce.

"Na sani."

"Manajar ta tafi tuntuni, ni kuma ban ji komai ba. Amma ƙaryar tasa ce, sirrin naki ne. Sai kin yarda a karanta a gaban kowa, shi ma sai ya yarda. Ba a yabon mutum da abin da ya ɓoye ba tare da an tambaye shi ba."

Na same shi da rana yana guge farar rigar babban mai dafa abinci, aikin da ba ya bar wa kowa. Na tsaya a gefen teburin. Ya gama hannu ɗaya, ya juya rigar.

"Baba."

"Zannuwan gidajen kan ruwa sun fito?"

"Sun fito. Baba, maganar nan."

"Wace? Maganganu sun yi yawa a tsibirin nan kwanan nan. Har dabbobi sun fara."

Na ji kamar in nutse. Na fara bayani, furanni, madara, uwata. Ya ɗaga hannu.

"Na sani, Tulasa. Na yi aiki da mutanenku tun ba a haifi Kopila ba. Na san abin da kike nufi tun ranar." Ya ajiye dutsen guga a tsaye. "Kaina ya sani. Amma kunnena ɗan Lanka ne, shi bai je Nepal ba. Idan yaron da bai kai jikana ba ya yi mini wannan kukan ta taga, ba furanni nake ji ba."

"Ka yafe mini."

"Ba ki zage ni ba balle in yafe. Kin dai ba marasa aikin yi abin wasa." Ya ɗauki dutsen. "Na zaci zan bar nan a ce ga wanda bai taɓa ƙona rigar baƙo ba. Ƙaramin buri ne, amma nawa ne."

Na tsaya har ya gama wuyan rigar. Sannan na ce ina so in rubuta maganar farar riga.

Ya dube ni sosai. "Kin san abin da za a tuna idan an karanta."

"Na sani."

"Za ki iya tsayawa a wurin?"

"Ban sani ba."

"Ni tsoho ne mai ƙarya, a faɗa, jirgi na jirana. Ke ce za ki zauna da su." Ya rataye rigar. "Ki rubuta. Amma don Allah kar ki sa ko kaza a ciki."

Muka sake zama da Kopila. Wannan karon ban yi mata gori ba, ita ma ba ta tuna mini ba. Gajere ne abin da muka rubuta. Na ce ranar da mijina ya mutu Baba Wije ya bi ni Male, babban birnin ƙasar, ya zauna a ƙofar ɗakin ajiye gawa yana cike takardun da ban iya karantawa ba. Na ce shi ya guge rigar da aka sa wa Dambar. Na faɗi maganar jar riga da farar riga, na ce ba ni da ƙuraje, ban taɓa yi ba. Na ce bai taɓa ƙona rigar baƙo ba. Bishiyar kan hanya kaɗai na bari daga maganganun uwata, ita ma na ce haka muke cewa a ƙauyenmu, don kowa ya san daga inda ta fito.

Zagayen teburin a ofishin Shifana aka yi shi, ƙofa a rufe. Mizanur ya karanta, ya sake karantawa.

"Yaya, ashe ba ƙaiƙayi ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Ni kuwa har magani na so in kawo miki daga gida." Ya sosa ƙeya. "Wannan babu abin cirewa. Wuri ɗaya ne, inda kika ce ya yi ƙarya. Idan na faɗe shi haka da harshenmu zai yi nauyi, kamar ana tuhumarsa. Zan ce ya rufa miki asiri."

Shifana ta dube ni, na ce na yarda. Nilanthi ta ce ita a nata harshen za ta bar ƙaryar yadda take, mutanensu za su ji daɗinta, sun san halinsa. Wakilin teburin 'yan Indiya ya tambaya ko a ambaci ɗakin gawa a taron da za a yanka kek. Shifana ta ce mai maganar ce matar mamacin, ita ke da iko. Na ce a bari.

Ranar taron aka jera kujeru a ɗakin cin abinci, aka kawo kek da soyayyun ƙosan kifi na 'yan ƙasa. Baba Wije ya zauna a gaba da farar riga mai dogon hannu. Da aka kira sashenmu na miƙe, sai na ji ƙaramin kukan nan daga baya, a ciki-ciki, wasu suka ƙunshe dariya. Na riƙe takardar na karanta da harshenmu, ina bin layi da yatsa kamar 'yar aji uku da nake. Da na zo sunan Dambar muryata ta tsaya. Tun da na dawo ban faɗi sunansa da ƙarfi a tsibirin ba. Na jira ta dawo, na ƙarasa.

Kopila ta karanta Turancin, sai Nilanthi, sai Mizanur. Ina tsaye duk tsawon lokacin, a farar rigata, kowane teburi idan an zo nasa harshen sai idanu su juyo kaina, su sauka kan rigar, su koma ƙasa. Da Nilanthi ta zo wurin ƙurajen, 'yan Lanka suka yi dariya, amma wata iri ce, har Baba Wije ya rufe ido da hannu yana girgiza kai. Masu ɗaukar kaya na matsaya, abokan Dambar, ɗaya daga cikinsu ya tashi ya fita. Daga wajen masu wanke kwanuka ba a sake jin komai ba.

Washegari muka raka shi matsaya. Ban taɓa taka katakon nan ba tun ranar da Dambar ya faɗi, kullum ta gefen masu kaya nake hawa jirgi. Na taka. Ya yi sallama da kowa, ya zo kaina a ƙarshe. Na sunkuya zan taɓa ƙafarsa yadda muke yi wa iyaye, ya riƙe kafaɗata.

"Gwiwoyin ba sa son a tuna musu," ya ce. Ya rage murya. "Ita saniyar taku, tana da suna?"

"Sunanta Tare, tauraro ke nan da harshenmu, don tana da farin tabo a goshi kamarsa."

"Tana harbi?"

"Ko sau ɗaya."

"To ta fi ni, ni sau da yawa na harbi Mizanur." Ya ɗauki 'yar jakarsa. "Idan kin je gida ki faɗa wa 'yarki yadda kika so faɗa tun farko. A can za a ji shi daidai."

Jirgin ya tashi. Takardar ta yi wata guda a allo, harsuna shida a jere, sannan aka cire aka liƙa ta wani. Matan da ke gudun tawul ɗina suka daina, ɗaya har ta kawo mini man kwakwa ba ta ce don me ba.

Sai dai sunan bai mutu duka ba. Babban injin gugar nan da zannuwa ke shiga ta gaba su fito ta baya, wani ya laƙaba masa Saniyar Wije, ya kuwa zauna. Sababbin ma'aikata da ba su taɓa ganin Baba ba haka suke kiransa, ba su san daga ina ya fito ba. Mizanur yakan daka musu tsawa idan ya ji, ni kuwa ba na cewa komai. A gaban injin nake tsayawa kullum, idan wani ya ce a kunna Saniya, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da tura zanin.